Waƙar barka da haihuwa a katin ma'aikatan ofis: tambayoyi da amsoshi

Idan abokin aiki ko abokiyar aiki ta sami ƙaruwa, ma'aikatan ofis sukan haɗu su aika da kati ɗaya wanda kowa zai sa hannu a kansa, kuma sau da yawa akan ɗora wa mutum ɗaya nauyin tsara 'yar gajeriyar waƙar da za a rubuta a ciki. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mai wannan nauyi ya fi cin karo da su, daga lokacin da ya ɗauki alƙalami har zuwa lokacin da za a rufe ambulan.

Yaya tsawon waƙar ya kamata ya kasance?

Ɗango, wato layin waƙa, huɗu zuwa takwas sun wadatar, kuma faɗin katin ne yake yanke wannan hukunci kafin ra'ayin marubuci. Takardar A4 idan aka naɗe ta gida biyu tana ba da kati mai girman A5, wato milimita 148 a faɗi da 210 a tsawo, ita kuma A5 idan aka naɗe ta tana ba da A6, mai milimita 105 da 148. A katin A5 akan ajiye waƙar a shafin dama na ciki, a bar shafin hagu gaba ɗaya domin sa hannu, kuma mutum goma sha biyu za su sami wuri ba tare da wani ya hau kan rubutun wani ba. A katin A6 kuwa, ɗango huɗu ne iyaka, domin idan aka wuce haka, masu sa hannu za su koma rubutu a gefe da ƙasan waƙar har ta nutse a cikin tawada.

Akwai kuma dalili na biyu. Wadda ta haihu cikin 'yan kwanakin nan tana fama da gajiya da ƙarancin barci, kuma mai yiwuwa ne ta buɗe katin da hannu ɗaya alhali ɗayan yana riƙe da jariri. Waƙar da za ta karanta a numfashi biyu ko uku ta yi murmushi ta fi wadda za ta ajiye da niyyar komawa kanta daga baya.

Da muryar wa za a rubuta ta?

Da muryar "mu", tun daga ɗangon farko har na ƙarshe. Ko da mutum ɗaya ne ya zauna ya tsara ta, duk wanda ya sa hannu a ƙasa ya amince cewa maganarsa ce, saboda haka kowane ɗango dole ne ya zama abin da babban darakta da sabon ma'aikacin da ya zo watan jiya za su iya faɗa da bakinsu. Wannan shi ne ma'aunin da nake ganin ya fi kowane amfani: a karanta ɗangon, a tuna da wanda ya fi kowa nisa da mai jego a cikin masu sa hannu, a tambayi kai ko zai iya faɗa mata wannan magana ido da ido. Idan ba zai iya ba, ɗangon bai dace da katin haɗin gwiwa ba, ko da kuwa ya yi daɗi. Raha da ke tsakanin aminai biyu tana da wurinta, wato 'yan kalmomin da kowa yake rubutawa kusa da sa hannunsa.

Dole ne a yi amsa-amo?

A ganina dole ne, domin a waƙa mai ɗango takwas ko ƙasa da haka, amsa-amo shi ne abin da kunne yake fara kamawa ya gane cewa waƙa ce ba jimloli da aka jera ba. A rubutacciyar waƙar Hausa amsa-amo yana nufin gaɓar ƙarshe ta ɗango ta zama iri ɗaya, baƙi da wasali tare. Kalmomin "lafiya", "ɗiya" da "dariya" sun dace da juna domin duk sun ƙare da "ya". Amma "lafiya" da "murna" ba su dace ba duk da cewa wasalin ƙarshe ɗaya ne, kuma wannan shi ne kuskuren da sababbin marubuta suka fi yi.

Tsari biyu ne suka fi sauƙi a kati. Na farko shi ne ƙwar biyu, inda kowane baiti yake da ɗango biyu, kuma ɗango na biyu na kowane baiti yake ƙarewa da gaɓa ɗaya daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta. Na biyu shi ne ƙwar huɗu, inda ɗango uku na farko suke da nasu ƙaramin amsa-amo, sa'an nan ɗango na huɗu na kowane baiti ya ɗauki babban amsa-amo wanda yake ɗaure baitocin wuri ɗaya. Shawarata ita ce a fara da tara kalmomin da suka ƙare da gaɓar da ake so, guda shida ko bakwai, kafin a rubuta ko da ɗango ɗaya. Gaɓoɓin "ya" da "wa" sun fi yalwa a wannan fage, domin kalmomin da ake bukata, irin su haihuwa, ƙaruwa, lafiya da jaririya, da su suke ƙarewa.

Mene ne kari, kuma yaya wanda bai karanci waƙa ba zai daidaita shi?

Kari shi ne bugun da ɗangogi suke tafiya a kansa, kuma a Hausa yana fitowa ne daga jeruwar gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. Gaɓa marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "da" ko "ci" na "ciki". Gaɓa mai nauyi kuwa ko dai tana da dogon wasali, kamar "la" na "lafiya", ko tagwan wasali, kamar "sau" na "sauka", ko kuma baƙi ne ya rufe ta, kamar "bar" na "barka". Wahalar ita ce rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna dogon wasali, saboda haka ido ba zai taimaka ba, sai an furta kalmar an saurara.

Ba sai an haddace karuruwan aruli ba, wato ilmin ma'aunin waƙar Larabci, kafin a rubuta waƙar kati. Ƙa'ida ɗaya ta isa, wadda take bin tafiyar karin da ake kira Rajaz: kowane ɗango ya zama gaɓa takwas, ta uku da ta bakwai su zama marasa nauyi, ta huɗu da ta takwas su zama masu nauyi. Sauran gaɓoɓin suna da sassauci, kuma gaɓar ƙarshen ɗango ana lissafa ta a matsayin mai nauyi ko da gajeriya ce, saboda tsayawar da murya take yi a kanta. A ɗauki "Barka da sauka lafiya" a rarraba shi: bar, ka, da, sau, ka, la, fi, ya. Gaɓa takwas ne cif, ta uku ita ce "da", ta huɗu "sau", ta bakwai "fi", ta takwas "ya". Gaisuwar da muke yi wa mai jego kullum ta riga ta zauna a kan kari da kanta, kuma wannan ya sa ta zama mabuɗi mai kyau.

Ko za a nuna misali daga daftarin farko har zuwa waƙar da aka kammala?

A ɗauka cewa wata ma'aikaciya a sashen lissafin kuɗi ta haifi 'ya mace, mutum goma sha biyu ne za su sa hannu, kuma katin A5 ne. Ga irin abin da yakan fara fitowa daga alƙalami:

Muna taya ki murna da farin ciki bisa haihuwar da kika yi lafiya,
Allah ya raya jaririya,
Aiki ya yi mana yawa tun da kika tafi hutu,
Ki dawo da wuri domin muna jiran ki.

Niyyar tana da kyau, amma akwai aibi uku. Ɗangon farko ya haura gaɓa ashirin alhali na biyu tara ne kawai, saboda haka mai karatu zai yi gudu sa'an nan ya yi tuntuɓe, kuma a kan kati ɗangon farkon zai karye ya sauko layi na biyu. Amsa-amon ya fara da "ya" a ɗango biyu, daga nan ya watse zuwa "tu" da "ki". Aibi na uku ya fi sauran girma: rabin waƙar yana magana ne a kan bukatar ofis. Wanda ya rubuta yana nufin ya nuna an yi kewarta, amma mai jego za ta iya karanta shi a matsayin tuni cewa fayiloli suna jiran ta.

Gyaran yana farawa da jefar da ɗango biyu na ƙarshe gaba ɗaya. Ɗangon farko kuma sai a matse shi ya koma "Barka da sauka lafiya". Na biyu yana da gaɓa ɗaya da ta yi yawa, domin "Allah ya raya" gaɓa biyar ne, "jaririya" kuma huɗu, don haka ana bukatar kalma mai gaɓa uku wadda ta tsakiyarta ba ta da nauyi kuma ta ƙare da "ya". Kalmar "gimbiya" ta cika sharuɗɗan duka, ga ta kuma da fara'a. Daga nan sai a gina sauran a kan wannan ma'auni:

Barka da sauka lafiya,
Mun sami sabuwar ɗiya,
Ofis yana ta dariya,
Don tsananin farin ciki.

Allah ya raya gimbiya,
Ta tashi mai son gaskiya,
Ta sami daɗin duniya,
Fatan da duk muke miki.

Kalmomi 34 ne a ɗango takwas, kuma babu ɗangon da ya kai tsawon da zai karye a shafin A5. Baitin farko ya ɗauki murna, na biyu ya ɗauki fata, "ciki" da "miki" kuma suka ɗaure su. A lura da ɗango na uku da na huɗu: da an bar "Ofis yana ta dariya" shi kaɗai, ana iya tambayar abin da ake yi wa dariyar, amma ɗango na huɗu ya rufe wannan ƙofa nan take. A ɗango na shida an fara gwada "Ta tashi bisa gaskiya", wanda shi ma gaɓa takwas ne, sai dai gaɓarsa ta huɗu, "bi", ba ta da nauyi, kuma duk wanda ya furta shi a bayyane zai ji ƙafar ɗangon ta zame a daidai wurin. Abin da ya fi burge ni a waƙar shi ne "Mun sami", domin da kalma biyu kawai ofis ya mayar da jaririyar tasa, ba tare da ya ambaci aiki ko sau ɗaya ba.

Idan abokin aikin namiji ne wanda matarsa ta haihu fa?

Waƙar da ke sama ba za ta yi masa ba ta hanyar sauya wakilin suna kawai. "Barka da sauka" gaisuwar wadda ta haihu ce, kuma idan aka mayar da "miki" ya zama "maka", babban amsa-amon ya rushe domin ba zai ƙara dacewa da "ciki" ba. Gara a tsara wata dabam. Ga guda a tsarin ƙwar biyu, domin uban da ya sami ɗa namiji:

Barka da samun ƙaruwa,
Murna muke da haihuwa.

Allah ya raya jinjiri,
Ya ba shi ilmi mai yawa.

Wannan gajeriyar tana da wata fa'ida da ba a gani da farko: babu "ka" ko "ki" a cikinta ko ɗaya. Saboda haka ta dace da uba, ta dace da ma'aurata biyu idan katin nasu ne tare, ta kuma dace da shugaban ofis wanda ƙananan ma'aikata ba za su so su ce masa "ka" a rubuce ba. Idan ana son ambaton mai jego, wanda kuma ya kamata, sai a ƙara layi ɗaya na zube a ƙasan waƙar, kamar "Muna gaida mai jego, Allah ya ƙara mata lafiya."

Za a sa sunan jaririn a cikin waƙar?

Idan iyayen sun sanar da sunan, kuma an tabbatar da yadda suke rubuta shi, wuri mafi aminci shi ne saman waƙar, a matsayin kanu. Shigar da suna cikin ɗango yana yiwuwa ne kawai idan ya dace da ma'auni. A gurbin "gimbiya", suna irin Mariya yana zama daram, domin gaɓa uku ne, ta tsakiya ba ta da nauyi, kuma ya ƙare da "ya". Fatima ya dace da kari amma ya saɓa wa amsa-amo, Hadiza kuwa ya saɓa wa duka biyun saboda dogon wasalin da ke tsakiyarsa. Kada a lanƙwasa sunan yaro ko a gutsure shi domin ya shiga waƙa. Idan kuma ba a sanar da suna ba tukuna, kada a dogara da jita-jitar ofis, a bar waƙar yadda take.

Ba mu san ko namiji ne ko mace ba, ko kuma tagwaye ne. Yaya za a yi?

Hausa tana tilasta wa mai magana ya zaɓi jinsi a kusan kowane ɗango, "ya tashi" ko "ta tashi", "ba shi" ko "ba ta", saboda haka tambaya ita ce mafita ta farko. Idan amsar ba ta samu ba, baitin "Barka da samun ƙaruwa, Murna muke da haihuwa" ba ya nuna jinsi, kuma ana iya bin sa da "Allah ya raya" a zube. Domin tagwaye, "Allah ya raya 'yan biyu" yana zama a kan kari daidai, sai a bi shi da "Ya ba su ilmi mai yawa."

Waɗanne abubuwa ne bai kamata su shiga waƙar ba, ko da da sunan raha?

Maganar aiki ita ce ta farko, kamar yadda misalin ya nuna: ranar dawowa, tarin fayiloli, wanda yake riƙe da kujerarta. Ta biyu ita ce duk abin da ya shafi jikin mai jego ko yadda haihuwar ta kasance, ko da an ji labarin tiyata ko doguwar naƙuda, domin wannan sirrinta ne, kuma katin zai bi ta hannun mutane da yawa kafin ya isa gare ta. Ta uku ita ce ƙidaya da kwatance: yawan 'ya'yan da aka haifa, tsawon shekarun da aka yi ana jira, fatan samun namiji a gaba idan mace aka haifa, ko tambayar yaushe za a ƙaro wani. Marubuci yana iya ganin "bayan dogon jira" a matsayin taya murna, amma ga wadda ta sha ɓari ko ta yi shekaru tana neman magani, kalmomin suna fito da abin da ba ta ba ofis izinin ambata ba.

Rahar rashin barci da kukan dare ta fi waɗannan sauƙi, kuma wasu iyaye suna jin daɗinta. Duk da haka na fi son a bar ta ga saƙon mutum ɗaya, domin fara'ar waƙar haɗin gwiwa ta fi kyau idan ta fito daga murnar masu aikowa, ba daga wahalar wanda aka aika wa ba.

Ma'aikatanmu ba addininsu ɗaya ba. Za a bar addu'a a ciki?

"Allah ya raya" magana ce da masu jin Hausa suke yi ba tare da bambancin addini ba, kuma da wuya ta zama matsala. Abin da za a guje wa shi ne nassi ko lafazin da ya keɓanta da addini ɗaya, matuƙar ba a tabbatar cewa iyayen da dukan masu sa hannu suna kan abu ɗaya ba. Fatan lafiya, ilmi, gaskiya da tsawon rai kowa yana iya sa hannu a ƙarƙashinsa da zuciya ɗaya.

Yaushe ya kamata a aika, kuma me za a tabbatar kafin nan?

A tabbatar da abu biyu daga bakin wanda yake magana da iyalin kai tsaye: cewa iyayen sun yarda a san labarin a ofis, da kuma cewa uwa da jariri suna cikin ƙoshin lafiya. Idan jaririn bakwaini ne yana kwance a asibiti, ko uwar ba ta farfaɗo ba, waƙa mai cewa ofis yana ta dariya za ta isa a mummunan lokaci. A irin wannan hali a aika da gajeren saƙo na zube mai nuna ana tare da su, a ajiye waƙar har a sallame su. Idan komai lafiya ne, mako na farko ko na biyu ya fi dacewa, kuma kwana biyu sun isa katin ya zagaya ofis. Wanda bai so ya sa hannu ba kada a matsa masa ko a nemi dalili, domin ba a san abin da labarin haihuwa yake taɓawa a zuciyar kowa ba.

Da hannu za a rubuta ko a buga, kuma me za a duba a ƙarshe?

Idan akwai mai kyakkyawan rubutu a ofis, hannu ya fi ɗumi, amma ya fara gwadawa a wata takarda mai girman katin, kuma ya rubuta waƙar kafin kowa ya sa hannu. Idan bugawa za a yi, girman harafi 14 yana karantuwa sosai, kuma kowane ɗango ya tsaya a layinsa.

Babban haɗarin bugawa shi ne haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ. Wasu nau'o'in rubutu na ado da ake so a kati ba su da waɗannan haruffa, sai kwamfuta ta sa ɗan akwati a gurbinsu ko ta aro harafin daga wani nau'in rubutu dabam, mai bugawa kuma idan yana gaggawa yakan maye gurbinsu da b, d da k. A waƙar haihuwa wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. "Ɗiya" idan ta rasa lanƙwasarta ta koma "diya", abin da ake biya domin ramuwar asara, "ƙaruwa" kuwa tana komawa kalmar da ba wanda zai so ya aika wa abokin aikinsa a ranar farin cikinsa. Saboda haka a adana aikin a matsayin PDF kafin a kai wurin bugawa, a buga gwaji ɗaya a farar takarda, sa'an nan a ba wani wanda bai taɓa ganin waƙar ba ya karanta ta a bayyane. Inda ya tsaya ko ya maimaita, a nan kari ya karye ko harafi ya ɓace, kuma a gyara wurin kafin katin ya fara zagayawa, domin da zarar mutum goma sha biyu sun sa hannu, gyara yana nufin sayen sabon kati da sake bin kowa teburinsa.